Yadda ake auna amanar taƙaitawa ko fassara da jerin tambayoyin gaskiya ko ƙarya

Idan aka miƙo maka fassara ko taƙaitawa aka ce, "Malam, duba mana ko ta yi daidai," abin da yawancinmu muke yi shi ne mu karanta ta daga sama har ƙasa, idan Hausar ta yi daɗi a kunne mu ce ta yi. To, daɗin Hausa daban, riƙon amanar asali daban. Na sha ganin rubutu mai santsi da ya yar da sharaɗi guda a hanya, kuma wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Hanyar da zan nuna a nan ita ce wadda nake bi: a fitar da jerin tambayoyi daga cikin asalin, a amsa kowace da gaskiya ko ƙarya, kuma kowace amsa ta zo da ɗan tsakure daga rubutun a matsayin hujja. Amsar da ba ta da tsakure ba na ƙirga ta, ko da ni na ba da ita.

Zan yi aikin ne a kan misali guda. A nan Zariya, musamman ɓangaren Samaru inda cibiyoyin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello suke, takardun wayar da kan manoma ba sa yanke wa mai aikin fassara. Don haka na tsara wata gajeriyar takarda irin tasu, a kan adana wake a buhu mai riɓi uku, wanda ake rubuta PICS a jikinsa, wato wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. A ɗauka wata ƙungiyar manoma ce ta ba wata ɗaliba ta taƙaita takardar don a karanta a rediyo cikin rabin minti.

Mataki na farko: sa wa jimloli lamba

Kafin komai, ka raba asalin jimla-jimla ka sa wa kowace lamba. Aikin minti biyar ne, amma shi zai sa hujjarka ta zama abin da wani zai iya bi ya gani da idonsa. Ga asalin namu:

A1. A tabbatar wake ya bushe sosai, an kuma sheƙe shi an fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa, kafin a zuba shi a buhu.
A2. Buhun riɓi uku ne: leda biyu a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje.
A3. Kafin a yi amfani da kowace leda, a cika ta da iska a matsa don a gano ko ta huje. Kada a yi amfani da leda mai huji.
A4. A zuba waken, a bar sarari a sama, a matse iskar da ta rage, sannan a ɗaure kowace leda ita kaɗai, daga ta ciki har zuwa buhun waje.
A5. Ba a buƙatar zuba maganin ƙwari, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin.
A6. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, inda ɓera ba zai kai gare shi ba.
A7. Idan ba a buɗe buhun ba, wake na iya kaiwa shekara guda bai lalace ba.
A8. Ana iya sake amfani da buhun a kaka mai zuwa, muddin ledojin ba su huje ba.

Mataki na biyu: rubuta tambayoyin tun ba ka ga taƙaitawar ba

Wannan ne wurin da nake da tsauri. Kife takardar taƙaitawar, kada ka leƙa. Dalili kuwa, duk wanda ya riga ya karanta taƙaitawa, tambayoyinsa za su bi sawun abin da ya gani a cikinta. Zai tambaya a kan abin da ke nan, ya manta da abin da babu, alhali ɓarnar taƙaitawa galibi tana cikin abin da aka bari ne.

Ka zauna da asalin kaɗai ka tambayi kanka: idan manomi a Giwa ko Shika ya ji wannan saƙo sau ɗaya, wane abu ne idan bai ji ba wakensa zai lalace? Waɗannan su ne tambayoyin dole. Sauran, irin bayanin dalili da ƙarin haske, mai taƙaitawa yana da damar ya bar su, ai shi ya sa ake kiranta taƙaitawa. A misalinmu na yanke cewa dalilin da ke A5, wato rashin iska ke kashe ƙwari, ana iya barinsa, don haka ban sa shi a jerin ba. Wannan hukunci ne da ya kamata a yanke tun yanzu. Ba daidai ba ne ka zo daga baya ka ci mutum tara a kan abin da ba ka taɓa cewa dole ne ba.

Ƙa'ida biyu ce ke tafiyar da rubuta tambayoyin. Ta farko, kowace tambaya ta ɗauki abu ɗaya tak. Idan ka rubuta, "Ta ambaci gwada leda da kuma yadda ake ɗaurewa," sai ka tarar an ambaci ɗaya an bar ɗaya, me za ka sa? Dole ka ƙirƙiro "rabi-rabi", kuma daga nan tsarin ya rushe. Duk inda ka ga "da kuma" a cikin tambayarka, raba ta biyu. Ta biyu, ka juya kowace tambaya yadda "gaskiya" kullum za ta nuna an yi daidai. Kada ka rubuta, "Ta ƙara abin da babu a asali," domin a nan gaskiya ta zama laifi, kuma mai duba aiki da ya gaji da yamma zai rikice. Rubuta, "Babu abin da ta ƙara."

Ga jerin da na fitar, guda goma:

1. Ta ce wake ya bushe kafin a zuba.
2. Adadin ledoji ya yi daidai da na asali.
3. Ta ce a gwada leda kafin a yi amfani da ita.
4. Ta ce a ɗaure kowace leda ita kaɗai.
5. Ta ce ba a buƙatar magani.
6. Ta faɗi inda za a ajiye buhun kamar yadda asali ya faɗa.
7. Sharaɗin rashin buɗe buhu yana nan.
8. Ƙarfin magana bai sauya ba: mai yiwuwa bai koma tabbas ba.
9. Sharaɗin sake amfani da buhu yana nan.
10. Babu wata magana da ta ƙara wadda ba ta cikin asali.

Na ja layi a ƙarƙashin 1, 3, 4 da 7. Su ne waɗanda idan ɗaya ya faɗi, takardar ba za ta fita ba, komai yawan gaskiyar da sauran suka samu.

Mataki na uku: buɗe taƙaitawar, ita ma ka sa mata lamba

T1. Manoma, ku shanya wakenku ya bushe sosai, ku sheƙe shi, kafin ku zuba a buhu mai riɓi uku, mai leda biyu a ciki.
T2. Ku matse iska, ku ɗaure bakin buhun tamau, ba sai kun zuba magani ba.
T3. Ku ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera.
T4. Wakenku zai shekara bai lalace ba, ku sayar da shi da tsada idan farashi ya tashi.
T5. Buhun kuma ana sake amfani da shi baɗi idan bai huje ba.

Karanta ta da murya ka ji. Hausa ce mai kyau, ta dace da rediyo, kuma da an ba ni ita ba tare da jerin ba, da wataƙila na sa hannu.

Mataki na huɗu: alama da tsakure

Kowace tambaya tana samun abu uku: alama, tsakure daga asali, tsakure daga taƙaitawa. Tsakuren ya zama kwafi ne harafi da harafi, ba naka bayanin ba, kuma gajere. Ni ba na bari ya wuce kalma goma zuwa goma sha biyu. Idan ka ga sai ka kwafo sakin layi guda kafin hujjarka ta tsaya, to alama ce ba ka gano takamaiman wurin ba tukuna.

Masu sauƙin ba sa cin lokaci. Tambaya ta 1: gaskiya. A1, "wake ya bushe sosai". T1, "wakenku ya bushe sosai". Ta 2: gaskiya. A2, "leda biyu a ciki". T1, "mai leda biyu a ciki". Ta 5: gaskiya. A5, "Ba a buƙatar zuba maganin ƙwari". T2, "ba sai kun zuba magani ba". Lura cewa kalmomin sun bambanta amma ma'anar ɗaya ce, kuma ma'ana muke aunawa. Ta 6 ma gaskiya ce, A6 da T3 duk suna da "a kan katako" da "nesa da bango".

Ta 4 ce ta fara nuna amfanin aikin. A4 ya ce "a ɗaure kowace leda ita kaɗai", T2 ta ce "ku ɗaure bakin buhun tamau". Ƙarya. Ido zai iya wucewa, tunda kalmar ɗaurewa tana nan a duka biyun. Amma wanda ya ji T2 zai haɗa bakin ledoji biyu da buhun waje ya ɗaure da igiya ɗaya, kuma ba abin da asali ya umarta ke nan ba. Amfanin leda ta biyu shi ne ta zama wani shinge mai zaman kansa, idan ɗaurin ɗaya ya saki ɗayan ya riƙe. Kalma iri ɗaya a ɓangarorin biyu ba hujja ba ce. Sai ka duba me aka ɗaure, wa ya ɗaure, kuma sau nawa.

Ta 3 tana da matsala irin tata: ta yaya za ka kawo tsakuren abin da babu shi? Hanyar ita ce ka kawo tsakuren asali, sannan a gurbin taƙaitawa ka rubuta "babu", tare da jimlolin da ka bincika da kuma abin da ya fi kusa. Ga yadda na rubuta: ƙarya. A3, "a cika ta da iska a matsa don a gano ko ta huje". Taƙaitawa, babu a T1 zuwa T5. Mafi kusa shi ne T5, "idan bai huje ba", amma wannan a kan baɗi yake magana, ba a kan gwajin farko ba. Wannan ɗan ƙarin yana da muhimmanci, domin mai taƙaitawar za ta nuna maka T5 ta ce ai ta ambaci huji. Ka riga ka amsa mata a rubuce.

Yanzu T4, jimlar da ta ɗauki laifi uku ita kaɗai. A7 ya fara da "Idan ba a buɗe buhun ba", T4 kuwa ta fara kai tsaye da "Wakenku zai shekara". Sharaɗin ya ɓace, tambaya ta 7 ƙarya. Uwargida da ke buɗe buhun duk mako tana ɗibar na alale za ta ɗauka alkawarin ya shafe ta, alhali duk buɗewa tana shigar da sabuwar iska. Sannan A7 ya ce "na iya kaiwa shekara guda", T4 ta ce "zai shekara". Yiwuwa ta koma alkawari, tambaya ta 8 ƙarya. Wannan sauyi daga "na iya" zuwa "zai" shi ne wanda na fi cin karo da shi, domin mai taƙaitawa yana neman gajarta ne, kuma "zai" ya fi gajarta, ya fi daɗin faɗi. 'Yan uwansa su ne "wasu" da ke komawa "duk", da "ya kamata" da ke komawa "dole", da "galibi" da ke ɓacewa ba a lura ba. Idan kana duba tambaya irin ta 8, ɗauki biro ka zagaye waɗannan ƙananan kalmomi a ɓangarorin biyu kafin ka yanke hukunci.

Na ukun shi ne wanda aka fi yi mini gardama a kai. T4 ta ce "ku sayar da shi da tsada idan farashi ya tashi". Babu wannan a A1 zuwa A8, don haka tambaya ta 10 ƙarya ce. Na taɓa sa irin wannan alama a aikin wata ɗaliba, ta zo ta same ni rai a ɓace.

"Malam, amma ai gaskiya ne. Kowa ya san wake ya fi tsada bayan kaka ta yi nisa. Ka je kasuwar Sabon Gari ka tambaya."

Na ce mata, "Ban musa ba. Amma nuna mini lambar jimlar da ta faɗi haka."

Ta duba, ba ta samu ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa "gaskiya" a wannan aiki ba tana nufin maganar ta dace da abin da ke faruwa a duniya ba. Tana nufin abin da tambayar ta faɗa ya tabbata a kan rubutun. Masu takardar ba su yi wa kowa alkawarin riba ba. Idan aka karanta T4 da sunansu, manomi ya riƙe wakensa wata shida, farashi kuma ya ƙi tashi a wannan shekarar, su zai zarga a kan maganar da ba su yi ba. Haka kuma idan asalin ne da kansa ya yi kuskure, taƙaitawar ta kwafo kuskuren da aminci, alamarta gaskiya ce. Kuskuren sai ka rubuta shi a gefe ka aika wa masu takardar, ba aikin mai taƙaitawa ba ne ta gyara musu a ɓoye.

Tunda kalmar "ƙarya" tana da nauyi a bakinmu, ina gaya wa duk wanda zan duba aikinsa tun farko cewa alamar a kan tambayar take, ba a kansa ba. Wasu abokan aiki sun fi son "e" da "a'a", kuma babu laifi, muddin an tsaya a kan biyu kawai.

Mataki na biyar: ba wa mutum na biyu, kada ya ga naka

Saura tambaya ta 9, na bar ta da gangan. A8 ya ce "muddin ledojin ba su huje ba", T5 ta ce "idan bai huje ba". Mutum ɗaya zai sa gaskiya, ya ce sharaɗin huji yana nan. Wani zai sa ƙarya, ya ce "bai" na komawa ga buhu ne, asali kuwa ledoji ya ce, kuma manomi zai iya duba buhun saƙa na waje ya ga lafiya lau, alhali ledar ciki ta huje. Duk su biyun sun karanta daidai. Laifin na tambayar ne, ni da na rubuta ta ban fayyace ba.

Shi ya sa nake ba wani jerin da rubutun biyu ya cike nasa shi kaɗai, sannan mu jera takardunmu. Inda muka dace, mu wuce. Inda muka saɓa, ba ma jefa ƙuri'a, ba ma kuma cewa na babba shi ne daidai. Kowa ya karanta tsakurensa. Sau da yawa a nan take ɗaya zai ga ya tsallake wata jimla. Idan kuma tsakuren iri ɗaya ne amma alamar ta bambanta, sai a gyara tambayar. Ta 9 ta koma: "Ta ce sake amfani ya dogara ga ledojin ciki ba su huje ba." Da wannan lafazi amsar ƙarya ce ba tare da jayayya ba, tsakuren kuwa "idan bai huje ba". Idan kun saɓa a tambaya uku ko huɗu cikin goma, ku dakata da duba taƙaitawar, ku koma ku sake rubuta jerin.

Idan fassara ce ba taƙaitawa ba

Matakan ba su sauya ba, sai abu biyu. Na farko, mai fassara ba shi da damar barin komai, don haka dalilin da ke A5 da muka yafe wa mai taƙaitawa zai shiga jerin. Na biyu, sai ka ƙara tambaya a kan awo da lokaci, domin nan ne fassara daga Turanci ta fi zamewa. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, saboda haka wanda ya ga hekta ya rubuta eka ya sa manomi zuba takin da ya ninka abin da aka ce fiye da sau biyu. Wanda ya mai da kilo zuwa mudu ko tiya don a fi ganewa, niyyarsa mai kyau ce, amma mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, kuma mudun wake da na gero ba nauyinsu ɗaya ba. Idan asali bai ba da mudu ba, alamar ƙarya ce, sai dai in an bar kilon a wurinsa an kuma nuna cewa mudun kimantawa ce ta mai fassara. Haka "watan bakwai": Yuli ake nufi ko Rajab? Tsakuren asali a nan ka kwafo shi da harshensa yadda yake, kada ka fassara shi da kanka, in ba haka ba kana auna fassara da wata fassarar ce.

Mataki na ƙarshe: haɗa sakamako ka mayar

Idan a kwamfuta kake aikin, shafin lissafi ya isa: tambaya a layin farko na tsaye, alama a na biyu, tsakure biyu a na uku da na huɗu. Idan ka rubuta alamomin da TRUE da FALSE daga gida na 2 zuwa na 11, wannan zai ƙirga maka waɗanda suka faɗi:

```
=COUNTIF(B2:B11,FALSE)
```

A misalinmu amsar 6 ce: 3, 4, 7, 8, 9 da 10. Gaskiya huɗu ke nan cikin goma. Amma kada ka aika da lambar ita kaɗai, kuma kada ka yanke hukunci da ita. Taƙaitawa na iya samun tara cikin goma ta faɗi, idan ɗayan da ta rasa yana cikin masu layi a ƙarƙashi. A nan uku daga cikin huɗun dole sun faɗi, saboda haka ba za a karanta ta a rediyo ba sai an gyara.

Ka mayar wa mai aikin da takardar gaba ɗaya, da tsakurenta, ka bar ta ta yi gyaran da hannunta. Ga irin abin da ake sa ran ya dawo a madadin T2, T4 da T5, yayin da T1 da T3 suna nan yadda suke: "Ku gwada kowace leda da iska, kada ku yi amfani da mai huji. Ku matse iska, ku ɗaure kowace leda ita kaɗai, ba sai kun zuba magani ba. Idan ba ku buɗe ba, wake na iya kaiwa shekara. Ana sake amfani da buhun baɗi idan ledojin ba su huje ba." Maganar tsada ta fita, ita ce ta ba da gurbin gwajin leda, don haka tsawon bai ƙaru sosai ba.

Idan gyaran ya dawo, sake bin tambayoyin goma duka daga ta 1, har da waɗanda suka sami gaskiya a zagayen farko. Mai neman gurbin sabuwar jimla cikin rabin minti yakan datse wata tsohuwa, kuma wadda aka fi datsewa ita ce irin T3, ta katako da bango, domin ita ce ba wanda ya yi ƙorafi a kanta.